Yaɓe da gara: yadda ake bambance manyan cututtukan kumburin hanji guda biyu

A watan Yuni na 1956 aka garzaya da shugaban Amurka Dwight Eisenhower asibitin sojoji na Walter Reed saboda ciwon ciki mai tsanani. Da likitoci suka buɗe shi, sai suka tarar ƙarshen ƙaramin hanjinsa ya kumbura ya tsuke, abinci ba ya iya wucewa. Suka yi wa wurin ratse, suka haɗa lafiyayyen hanjin da ke sama da babban hanji. Shekaru 64 bayan haka, a watan Agusta na 2020, firaministan Japan Shinzo Abe ya sanar da cewa zai sauka daga mulki domin ciwon hanjin da yake fama da shi tun yana matashi ya sake tashi. Shi nasa ciwon a babban hanji yake.

Mutanen biyu duk kumburin hanji ne ya kwantar da su, amma ba cuta ɗaya ba ce. Ta Eisenhower ita ce cutar Crohn, wadda ta samo sunanta daga Burrill Crohn, likitan da shi da abokan aikinsa biyu, Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka bayyana ta a asibitin Mount Sinai na birnin New York a 1932. Ta Abe kuwa ita ce wadda likitoci ke kira kolaitis mai gyambo, wato gyambon babban hanji, wanda likitan Landan Samuel Wilks ya yi bayaninsa tun 1859. Kada a rikita shi da olsa da aka saba ji, domin ita olsa a tumbi take ko a bakin ƙaramin hanji, kuma sababinta daban ne.

Cututtukan biyu sun yi tarayya a abubuwa da dama. Garkuwar jiki ce ke rikicewa ta riƙa yaƙar bangon hanji ba tsayawa. Ba a ɗaukar su daga wani, sun fi soma kama mutum tsakanin shekara 15 zuwa 35, kuma suna lafawa su sake tashi har tsawon rayuwa. Abin da ya raba su tambayoyi biyu ne: a ina ciwon yake, kuma yaya zurfinsa a cikin bangon hanji? Wanda ya riƙe amsar waɗannan biyun zai iya gano dalilin kusan kowace alama da kowane zaɓin magani.

Ina wutar take ci

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci yana gyaran kayan ciki ya san hanji iri biyu ne. Akwai siriri mai tsawo, akwai kuma mai kauri gajere. Haka yake a jikin mutum. Ƙaramin hanji ya kai kimanin mita 6, kuma a cikinsa jiki ke tsotse amfanin abinci. Yana ƙarewa ne a ƙasan ciki ta ɓangaren dama, kusa da afendis, inda yake shiga babban hanji. Shi babban hanji tsawonsa kimanin mita ɗaya da rabi ne. Yana haurawa ta dama, ya gitta saman ciki, ya gangaro ta hagu, ya ƙare a wani ɗan zango mai kimanin santimita 15 inda bayan gida ke taruwa kafin ya fita ta dubura. Aikinsa shi ne tsotse ruwa domin bayan gida ya yi tauri.

Gyambon babban hanji ba ya ƙetare iyakarsa. Kusan kullum daga wannan zango na ƙarshe yake farawa, sannan ya riƙa haurawa sama a jere, ba ya tsallake wuri. A wasu mutane yana tsayawa nan bakin ƙofa. A wasu ya cinye ɓangaren hagu duka, a wasu kuma ya mamaye babban hanjin gaba ɗaya. Likita mai duba ciki da kyamara yakan ga iyaka a fili: nan ja ne mai zubar da jini da zarar an taɓa, can gaba kaɗan kuma lafiya lau.

Cutar Crohn ba ta da wannan tsari. Tana iya ɓulla ko'ina daga baki har dubura, ko da yake ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda ta kama Eisenhower. Kuma tsalle take yi. Za a ga taki guda ya kamu, kamu guda lafiya, sai kuma wani wurin ya sake kamuwa. Sau da yawa takan bar zangon ƙarshe na babban hanji lafiya, wurin da gyambon babban hanji bai cika bari ba.

Sai batun zurfi. Bangon hanji hawa-hawa ne: akwai shimfiɗa mai laushi a ciki, akwai tsoka a tsakiya, akwai fata a waje. A ɗauke shi kamar katangar ƙasa. Gyambon babban hanji tamkar ruwan damina ne da ke zaizaye yaɓe: yana ɗaye fuskar katangar a faɗi, amma ginin yana nan tsaye. Cutar Crohn kuwa gara ce. Ƙofar da ta shiga ƙarama ce, amma tana cin katangar ta ciki har ta huda ta, wani lokaci ma ta ɓulla ɗakin maƙwabci.

Abin da majinyaci ke ji

Tun da gyambon babban hanji yana ɗaye shimfiɗar ciki ne, kuma a kusa da ƙofa, jini shi ne babbar alamarsa. Mutum zai riƙa ganin jini da majina a cakuɗe da bayan gida, mako bayan mako. Zango na ƙarshe idan ya kumbura ba ya iya riƙe komai, don haka bayan gida kan matso mutum farat ɗaya, ya tashi a guje, wani lokaci ma bai kai ba. Ya je ya tsuguna ya yi ta nishi, ɗan jini da majina kawai suka fito, ya dawo yana jin kamar bai gama ba. Cikin kan murɗa ta hagu kafin a zaga, ya ɗan lafa bayan an zaga. Gudawar tana tashin mutum daga barci, kuma wannan alama ce mai nauyi, domin lalacewar cikin da ba ta da kumburi ba ta cika tashin mai barci ba.

Mai cutar Crohn a ƙaramin hanji yana iya shekara bai ga ɗigon jini ba. Abin da ke damunsa shi ne ciwo a ƙasan ciki ta dama, gudawa, zazzaɓi sama-sama, kasala da rama. Yaro kuma sai a ga ya daina girma, sa'o'insa sun wuce shi, balaga ta yi jinkiri. Shi ya sa ake yawan ɗaukar ta a matsayin afendis ko taifod, a yi ta magani ba sauƙi.

Zurfin cutar ke haifar da matsaloli uku da ba a cika gani a ɗaya cutar ba. Na farko, bango ya yi kauri ya yi tabo, hanya ta tsuke. Mai wannan yakan ji ciki ya murɗa ya kumbura bayan cin abinci, ya yi ta ƙugi, wani lokaci har da amai, sai ya soma gudun abinci don tsoron ciwo. Na biyu, mugunya ta taru a cikin ciki. Na uku, cutar ta haƙa rami daga hanji zuwa wani wuri: zuwa wani hanjin, zuwa mafitsara, zuwa farji, ko zuwa fata. Wanda ramin ya ɓulla masa mafitsara yana iya ganin iska na fita tare da fitsari. Mafi yawan ramukan a gefen dubura suke fitowa, kamar maruru da ya fashe ya ƙi warkewa, kullum yana tsatsar da ruwa. Irin wannan yoyo a jikin matashi mai gudawa da rama yana nuni sosai ga cutar Crohn.

Wurin da cutar ta zauna yana bayyana har a sakamakon gwajin jini. Ƙarshen ƙaramin hanji shi kaɗai ke tsotse bitamin B12, kuma shi ke mayar da gishirin ɗaci da hanta ke zubowa. Idan ya lalace ko aka yanke shi, sai a samu ƙarancin jini irin na rashin wannan bitamin, da duwatsu a matsarmama ko a ƙoda. Mai gyambon babban hanji shi ma yana rasa jini, amma nasa na zuba ne, don haka sinadarin ƙarfe yake rasawa.

Akwai wani bambanci mai ban mamaki game da taba. Shan sigari yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar Crohn, yana tsananta ta, yana kuma sa ta dawo da wuri bayan tiyata. Gyambon babban hanji kuwa ya fi kama waɗanda ba sa sha, kuma wani lokaci yakan ɓulla ne bayan mutum ya daina. Wannan bai mai da sigari magani ba, amma likita zai tambaya domin amsar tana taimaka masa. Ciwon gaɓoɓi, jan ido da ƙurajen ƙwauri masu zafi kuwa suna zuwa a duka biyun, saboda haka ba su raba gardama.

Kafin a ambaci ɗayansu

A ƙasar Hausa duk jinin da ya fito ta dubura sunansa basir, duk gudawa mai jini kuma atuni. Sau da yawa haka ɗin ne, domin waɗannan sun fi kumburin hanji yawa nesa ba kusa ba. Amma jinin basir ja ne jawur, yana ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki, ba ya zuwa da gudawar dare ko rama. Atunin ƙwayoyin cuta kuma yakan wuce cikin kwanaki ko 'yan makonni. Gudawar da ta haura mako huɗu zuwa shida, ko wadda ke tafiya tana dawowa, ita ce ke buƙatar a zurfafa bincike.

Cututtuka biyu na yankinmu suna kwaikwayon waɗannan biyun ƙwarai. Atunin amiba yana yi wa babban hanji gyambo mai kama da kolaitis. Tarin fuka na hanji kuma ya fi son ƙarshen ƙaramin hanji, daidai mazaunin cutar Crohn, kuma shi ma yana kawo ciwo ta dama, rama, zazzaɓi da tsukewa. Kuskure a nan yana da tsada, domin maganin kumburin hanji danne garkuwar jiki yake yi. Idan aka ba mai amiba irin wannan magani, hanjinsa na iya hujewa. Idan aka ba mai tarin fuka, cutar na iya bazuwa jiki duka. Shi ya sa sayen firedinisolon a kemis don gudawa mai jini ganganci ne.

Bincike yana tafiya ne daki-daki. Ana soma wa da gwajin bayan gida don neman amiba da sauran ƙwayoyin cuta, da gwajin jini don ganin yawansa da alamun kumburi. Akwai gwajin bayan gida da ake kira kalforotektin, wanda ke nuna ko akwai kumburi a hanji, amma ba ya faɗin wane iri ne, kuma atuni ma yana ɗaga shi. Babban alƙali shi ne kolonoskofi: a wanke hanji da maganin zawo, a zura siririyar tiyo mai kyamara ta dubura, a bi babban hanji duka har a leƙa ƙarshen ƙaramin. Ana tsinko 'yan ƙananan nama daga kowane zango, har da wuraren da suka yi kama da masu lafiya, a kai ɗakin gwaji. Sauran ƙaramin hanji da kyamara ba ta kaiwa sai a ɗauki hotonsa da na'urar sikanin. Duk da haka, a cikin kimanin mutum ɗaya daga goma da ciwonsu ya tsaya a babban hanji kaɗai, ba a iya yanke hukunci da farko, sai lokaci ya nuna.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin wani ɗalibi mai shekara 22. Cikin wata takwas nauyinsa ya sauko daga kilo 60 zuwa 50. Yana zagawa sau huɗu ko biyar a rana ba jini, cikinsa na ciwo ta dama bayan cin abinci. Ya sha maganin taifod sau biyu, ya sha filajil, ya sha jiƙon basir. Abin da ya kai shi asibiti a ƙarshe shi ne wani maruru a gefen dubura da aka tsaga sau biyu ya ƙi rufewa.

Tun daga labarin, likita zai lura cewa wannan bai yi kama da gyambon babban hanji ba: babu jini, ciwon ta dama ne, ga rama, ga yoyo. Gwajin bayan gida bai nuna amiba ba. Kyamara ta tarar da zangon ƙarshe da ɓangaren hagu lafiya lau, ta ga ɗan wuri mai gyambo a ɓangaren dama, sannan ta ga ƙarshen ƙaramin hanji da dogayen gyambuna masu zurfi da suka bi tsawon hanjin, naman da ke tsakaninsu ya yi tudu-tudu kamar daɓen duwatsu. Wurin ya nuna, tsallen ma ya nuna. An cire gyambon babban hanji daga lissafi.

Saura tarin fuka. A nan likita zai nemi hoton ƙirji, ya tambayi ko akwai tari, gumin dare ko zama da mai tari, ya sa a nemi ƙwayar cutar a cikin naman da aka tsinko. Gyambon tarin fuka ya fi zagaye hanji kamar zobe, kuma yakan zo da ruwa a ciki ko kaluluwar ciki da ta ruɓe a tsakiya. Na Crohn ya fi bin tsawo, kuma yoyon dubura ya fi karkata gare shi. Matsalar ita ce gwajin nama yakan kasa kama ƙwayar tarin fuka ko da tana nan. Saboda haka a ƙasashen da tarin ya yi yawa, idan shakka ta rage, likitoci kan fara ba da maganin tarin fuka na wata biyu zuwa uku, sannan su sake duba hanjin da kyamara. Sake dubawar wajibi ne, domin wasu masu cutar Crohn ma sukan ji ɗan sauƙi a kan wannan magani. Idan gyambon ya warke, tarin fuka ne, sai a cika wata shida. Idan yana nan yadda yake, Crohn ce.

A ce na ɗalibinmu bai warke ba. Kafin a taɓa garkuwarsa, likitan tiyata zai fara zubar da mugunyar da ke gefen dubura, ya zura wani zare mai laushi ta cikin ramin ya ɗaure shi sako-sako domin ruwa ya riƙa fita kada ya sake taruwa. Za a gwada shi don ciwon hanta nau'in B da cuta mai karya garkuwar jiki. Daga nan sai a soma infiliksimab, maganin da ake sawa ta jijiya, wanda aka amince da shi don cutar Crohn a Amurka a 1998. Awonsa miligiram 5 ne ga kowane kilo, wato 250 ga mai kilo 50. Ana ba da shi a ranar farko, a mako na 2, a mako na 6, sannan duk bayan mako 8. Sau da yawa ana haɗa shi da ƙwayar azatiyofirin domin ya daɗe yana aiki, ita kuma tana buƙatar gwajin jini a kai a kai saboda tana iya rage ƙwayoyin jini ko taɓa hanta. Idan kuɗi bai kai ga infiliksimab ba, wanda tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin iyalai, ana dogara da azatiyofirin, maganin kashe ƙwayoyin cuta da aikin likitan tiyata, tare da sanin cewa yoyon ba ya rufewa da sauƙi haka.

Dalilin da ya sa magani ya bambanta

Da a ce ɗalibin nan gyambon babban hanji gare shi, da wata hanya aka bi. Ginshiƙin maganin wannan cuta, idan ba ta yi tsanani ba, shi ne mesalazin. Asalinsa daga salfasalazin ne, wanda likita 'yar ƙasar Suwidin Nanna Svartz ta samar wajen 1940, kuma har yau ana amfani da shi domin ya fi araha. Mesalazin yana aiki ne kamar man shafawa: sai ya taɓa wurin da ya ɗaye. Tun da ciwon a yaɓe yake kuma daga ƙofa ya faro, ana iya kai masa magani kai tsaye. Wanda nasa ya tsaya a zangon ƙarshe, ƙwayar cusawa ta dubura mai giram 1 a rana ta fi masa ƙwayar haɗiya aiki. Wanda nasa ya kai ɓangaren hagu, ana ɗura masa ruwan maganin ta dubura. Wanda nasa ya wuce nan, sai a haɗa na haɗiya, giram 2 zuwa sama da 4 a rana, da na ɗurawa. Mutane da yawa suna ƙin na dubura don kunya, alhali shi ne ya fi isa inda ciwon yake. Kuma ba a dainawa don an ga jini ya tsaya, domin ci gaba da shan sa ne ke hana ciwon dawowa.

A cutar Crohn mesalazin bai cika yin wani abin kirki ba. Shafa wa katanga sabon yaɓe ba ya korar garar da ke cikinta. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa idan ba a bambance cututtukan ba: mai Crohn ya shekara yana shan maganin da bai isa zurfin ciwonsa ba, hanji kuma yana ta tsukewa a ɓoye. Ita Crohn tana da nata zaɓin. Idan mai sauƙi ce a ƙarshen ƙaramin hanji, akwai budesonid, miligiram 9 a rana na kimanin mako 8, wanda aka tsara ya narke daidai wurin. Ga yara kuma akwai hanyar da ba ta aiki a ɗaya cutar: a dakatar da duk wani abinci, a ba yaro abincin ruwa na musamman kaɗai na mako 6 zuwa 8. Kumburin yakan kwanta, yaron kuma ya samu abin gina jiki.

Firedinisolon yana aiki a duka biyun, amma na kashe gobara ne kawai. Ana fara shi da kimanin miligiram 40 a rana, a riƙa ragewa har a daina cikin kamar mako 8. Ba ya hana ciwon dawowa, kuma daɗewa a kansa na kawo ciwon sukari, hawan jini, kumburin fuska da raunin ƙashi. Wanda ciwonsa ke tashi da zarar an rage shi, alama ce cewa yana buƙatar magani mai riƙewa, irin su azatiyofirin ko infiliksimab, waɗanda su ma ana amfani da su a cututtukan biyu.

Hatta gaggawarsu ba iri ɗaya ba ce. Ta Crohn toshewar hanji ce ko tarin mugunya. Ta gyambon babban hanji kuwa ita ce ciwon ya taso gaba ɗaya. Ma'aunin da likitoci biyu na Ingila, Truelove da Witts, suka kafa a 1955 har yau shi ake bi: zagawa da jini sau 6 ko fiye a rana, tare da zazzaɓi, ko bugun zuciya sama da 90 a minti, ko ƙarancin jini, ko gwajin kumburi da ya hau sosai. Mai wannan gadon asibiti yake buƙata a ranar. Ana sa masa maganin ta jijiya, a auna shi a rana ta uku. Idan bai juyo ba, a koma magani mafi ƙarfi ko a shirya tiyata. Maganin tsayar da gudawa irin su lofaramaid haɗari ne a wannan hali, domin hanjin na iya saki ya buɗe kamar balan-balan har ya fashe. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak ma suna iya tayar da kowace daga cikin cututtukan biyu.

Inda wuƙa ke raba su

A ɗakin tiyata ne bambancin ya fi fitowa. Tun da gyambon babban hanji ba ya wuce babban hanji, cire shi duka yana kawar da ciwon hanjin. Ana iya fito da bakin ƙaramin hanji ta fatar ciki a manna jaka, ko kuma a naɗe ƙarshensa a yi wata 'yar taska a ɗinke ta da dubura, aikin da Alan Parks da John Nicholls suka bayyana a Landan a 1978. Mai irin wannan taska yakan zaga kamar sau biyar zuwa bakwai a rana, kuma taskar kanta na iya kumbura lokaci-lokaci, amma ya rabu da zubar jini da haɗarin kansar babban hanji. Wanda bai kai ga tiyata ba, idan ciwonsa ya wuce zangon ƙarshe, ana soma duba shi da kyamara don neman alamun kansa bayan kimanin shekara 8 da farawar ciwon. Haka ma mai Crohn da ta mamaye babban hanji.

Cutar Crohn ba ta yankuwa ta ƙare. Ana yanke wurin da ya tsuke ko ya huje, mutum ya samu sauƙi na shekaru, amma ciwon yakan dawo, kuma galibi a daidai bakin ɗinkin. Don haka ake sake leƙa wurin da kyamara cikin wata 6 zuwa 12 bayan aiki, tun kafin majinyaci ya ji komai. Likitan tiyata a nan marowaci ne da gangan: yana yanke mafi ƙanƙantar abin da zai yiwu, wani lokaci ma ya tsaga wurin da ya tsuke a tsaye ya ɗinke shi a kwance don ya faɗaɗa ba tare da ya cire komai ba. Dalili shi ne idan aka yi ta yanka har abin da ya rage na ƙaramin hanji ya gaza mita 2, jiki na iya kasa tsotse abin da zai rayu da shi. Ita kuwa taskar da ke yi wa mai gyambon babban hanji amfani, idan aka yi wa mai Crohn bisa kuskure, sau da yawa cutar kan kama ta ta huda ta, har a dawo a cire.

Saboda haka wanda aka ce masa yana da kumburin hanji bai gama jin sunan ciwonsa ba tukuna. Ya nemi likita ya nuna masa a zane inda ciwon ya fara da inda ya tsaya, ya tambaya ko kyamara ta leƙa ƙaramin hanji, ko an tsinko nama, ko an kawar da amiba da tarin fuka kafin a ba shi maganin danne garkuwa. Ya kuma adana takardar sakamakon kyamarar da ta gwajin naman kamar yadda yake adana takardar fili, domin duk likitan da zai gan shi nan da shekara goma, daga kansu zai fara.